Daga teburin buɗe asusu zuwa sashen bin ƙa'ida: ta ina ake fara sanin mutanen can?

BintunGwale
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina teburin kula da kwastomomi a wani reshen banki a Kano, buɗe asusu, gyaran suna, haɗa BVN da makamantansu, kuma na haura shekara biyu a kujerar. Ina so in koma sashen bin ƙa'ida, masu sa ido kan dokokin CBN da na hana halasta kuɗin haram. Matsalar ita ce duk sanda aka tallata gurbi a cikin gida, kafin sanarwar ta iso reshe sai ka ji an riga an san wanda za a ɗauka. Ba ni da kowa a hedikwata. Ta ina ake fara sanin mutanen wani sashe ba tare da an ce kina neman gindin zama ba, kuma ba tare da manaja ya ɗauka guduwa zan yi ba?

Ɗan_Kanta
Wa alaikumus salam. Malama Bintu, mu faɗa wa juna gaskiya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. In ba ki da babban da zai ɗaga waya saboda ke, tallan gurbin nan cika ƙa'ida ne kawai. Nemi wani a sama ki riƙa gaishe shi, shi ke nan.

Baba_Odita
Ɗan Kanta ya faɗi rabin magana. Gaskiya ne sau da yawa shugaban sashe yana da sunaye biyu ko uku a ransa tun kafin a yi talla. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda sunayen suke shiga ransa. Ba a reshe yake zaune ba, bai san fuskar kowa a can ba. Idan gurbi ya buɗe, jami'ansa na yanki yake tambaya, waɗanda ke zagaya rassa: wa kuka sani da zai iya? Don haka mutumin da ya kamata ki sani ba babban hedikwata ba ne. Jami'in bin ƙa'idar da ke duba reshenku ne, wanda a yawancin bankuna shi kaɗai ke riƙe da rassa da dama.

Kuma 'yata, kin riga kin san shi, sai dai ta mummunar hanya. Shi ne mai aiko miki da jerin fayilolin asusun da ke da naƙasu, ke kuma kina ganin saƙonsa gabanki ya faɗi. Wannan jerin shi ne ƙofarki. Ba ki buƙatar wani dalili na ƙirƙira don ki yi masa magana, aiki ya riga ya haɗa ku, kuma babu wanda zai ce kin tsallake kowa.

BintunGwale
Baba, jerin kam ina samu duk wata. Amma abin da nake yi shi ne in gyara in mayar. Me zai sa ya tuna da ni a kan wannan, alhali kowane reshe haka ake yi?

Baba_Odita
To ai nan ne bambancin. Kowa gyarawa yake ya mayar, wata mai zuwa kuma irin naƙasun su sake dawowa. Shi kuma abin da ake auna shi da shi ba yawan saƙon da ya aika ba ne, raguwar naƙasun ne a rassansa. Bari in buga misali da lissafi, lambobin na misali ne kawai.

A ce ya aiko da fayil 60. Kafin ki taɓa ko ɗaya, buɗe Excel ki ba kowane fayil layi, ki rubuta dalilin naƙasunsa da kalma guda a layin tsaye na huɗu, wato D, sannan ki ƙirga:

```
=COUNTIF(D:D,"adireshi")
```

A ce kin samu 24 babu rahoton tabbatar da adireshi, 15 sunan da ke BVN ya saɓa da na katin shaida, 9 katin shaidarsu ya daina aiki, 7 asusun kasuwanci ne irin na dillalan mota ko na gidaje da ba su kawo takardar rajista da SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ba, sauran 5 kuma tarkace. Yanzu ba matsala 60 gare ki ba, manya biyu ne, don adireshi da saɓanin suna sun kwashe 39.

Sai ki bi ta adireshin ki ga ina take ɓullowa. Sau da yawa za ki tarar an je gidan kwastoma, an gani, amma rahoton yana jakar ɗan maketin bai ɗora shi a na'ura ba. Maganin bai wuce ki ware minti ashirin duk Juma'a ki fitar da asusun da aka buɗe a makon, ki bi masu su kafin kwanakin da banki ya ɗiba su cika. Saɓanin suna kuma a tebur ake tare shi: ki kira bayanan BVN ki gwada da katin kwastoma yana zaune a gabanki, kafin ya sa hannu ya tafi. Idan ya tafi, dawo da shi sai an sha wuya.

Ki yi haka wata biyu. Idan jerin ya sauko daga 60 zuwa 20 ko ƙasa, sai ki rubuta wa jami'in rabin shafi: ga abin da na gani, ga abin da muka canza, ga sakamako, kuma ga guda bakwai na SCUML da ban san yadda kuke so a bi da su ba, a taƙaita asusun ne ko a ba su wa'adi? Ki sa shugaban ayyukan reshenku a kwafin saƙon. Tambayar ƙarshen nan da gangan ce. Ita za ta sa ya kira ki, kuma hirar da za ta biyo baya ta aiki ce, ba ta roƙo ba.

Talba_Zazzau
Ni shawarata ki gyara takardar bayanin aikinki, kada ta wuce shafi biyu, ki sa hoto mai kyau a LinkedIn, ki riƙa turawa bankuna uku zuwa huɗu duk mako. Sababbin kamfanonin kuɗi na waya ma suna ɗauka sosai.

Maman_Ilham
Malam Talba, ba barin bankin za ta yi ba. A cikin gida take son sauya sashe. Kuma shawarar ma tana iya cutar da ita, domin in aka ga ta kunna alamar neman aiki a LinkedIn, sashen da take so zai ɗauka ƙafarta ɗaya na waje.

Bintu, ni ta ɓangaren ofishin kula da ma'aikata zan yi magana. Kafin ki kashe wata shida kina gina hulɗa, buɗe littafin dokokin ma'aikata ki karanta babin sauyin sashe. Abu uku za ki nema. Mafi ƙarancin zama a kujera kafin a nemi sauyi, wanda a wurare da yawa yake tsakanin shekara ɗaya da biyu. Makin aikin shekara da ake buƙata, don galibi ana duba na zagaye biyun baya. Sai batun kweri ko takardar gargaɗi da ba ta fita daga fayil ba. Na'urar tace masu nema tana zubar da mutum a kan ɗaya daga cikin ukun nan kafin shugaban sashe ya ga sunansa, ko da kuwa shi ya ce masa ya nema. Akwai na huɗu da ba kowa ke lura da shi ba: shin fam ɗin yana buƙatar sa hannun manajanki tun wajen nema, ko sai bayan an zaɓe ki? Amsar wannan ce za ta gaya miki lokacin da za ki yi masa magana.

Ɗan_Kanta
Kada ta kuskura ta gaya wa manaja komai sai takardar sauyi ta fito. Ranar da ya ji, ranar makinta zai fara zubewa. Wa zai saki wanda ya iya aiki?

Maman_Ilham
Ɗan Kanta, ɓoyewar ba ta yiwuwa. Abu na farko da shugaban wancan sashe zai yi in sunanta ya shigo shi ne ya kira manajanta, ko shugaban yankinsu. Manajan da ya fara jin labari daga bakin wani, ba zai ce ba ta da kyau ba, cewa zai yi reshe ba shi da wanda zai maye gurbinta yanzu, a dakata zuwa rubu'i mai zuwa. Wannan kalma ta “a dakata” ta kashe sauyi da yawa, domin mai gurbi ba ya jira.

Wurin faɗa shi ne zaman duba makin aiki, inda akwai gurbin rubuta inda ma'aikaci yake son ya dosa. Ta rubuta shi a can ya shiga fayil, da wa'adi mai nisa, kamar cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manaja ba ya tsoron abin da ke da nisa. Abin da yake tsoro shi ne teburin ya zama babu kowa ranar Litinin da layin kwastomomi har ƙofa. To ta cire masa wannan tsoron: ta zaɓi mutum ɗaya a reshe ta koya masa teburin, ta rubuta matakan aikin a shafi biyu ko uku, sannan ta bar shi ya riƙe kujerar lokacin hutunta na shekara. In ya riƙe mako biyu ba a kira ta ba, hujjar “babu madadi” ta mutu.

Ɗan_Kanta
Hajiya, kuma in ta horar da madadin sai a ga ashe ana iya yi ba da ita ba, a tura ta maketin a ɗora mata taget. An sha yi.

Maman_Ilham
Ana yi, ban musa ba. Shi ya sa bin matakan daki-daki yake da muhimmanci. Ba a fara horar da madadi sai wancan ɓangaren ya san sunanki kuma burinki ya shiga fayil a rubuce. Amma ban ce babu haɗari ba.

Sitokifa_Bompai
Ni ba ɗan banki ba ne, amma abin da Baba ya faɗa haka yake a masana'anta. Mai sito da ke son komawa sashen sayayya, ba liyafar ƙarshen shekara ce za ta kai shi ba. Takardar karɓar kaya ce. Shi ne ke ganin wane ɗan kwangila ke kawo kaya a makare, wane ne buhunsa ke zuwa da ragi, wane ne takardar kuɗinsa ba ta dacewa da odar da aka ba shi. In ya tara wannan na wata uku ya miƙa wa jami'in sayayya a tebur guda, ya ba shi makamin ciniki da 'yan kwangila. Daga nan za a fara kiransa zaman tantance masu kawo kaya. Sai dai a can ma akwai tarko, don wani ragin da ka gano da sanin wani a sashen ake yin sa. Ka san wa kake miƙa wa.

Baba_Odita
Sitokifa ya taɓo wani abu da ya kamata in faɗa tun farko. Sashen bin ƙa'ida da na odit ba kamar sauran sassa ba ne wajen abota. Aikinsu su duba ki ne. In kusancinku ya yi yawa, abu biyu ke lalacewa. A reshe za a fara kallonki a matsayin 'yar rahoto, a daina magana in kin shigo. A wajensa kuma, duk ranar da ya sassauta wa reshenku a kan wani abu, za a ce don ke ne. Saboda haka babu kyauta, ko turare ko kilishi in zai koma. Babu kai masa gulmar reshe. Duk abin da za ki aika masa, ya zama abin da za ki iya sa shugabanki a kwafi.

Sai iyakar doka, wadda ke da kanki za a gwada ki a kanta. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki kai rahoton mu'amalar da ake zargi ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, cikin awa 24, kuma ta haramta tsegunta wa kwastoma ko wani cewa an kai. In kin miƙa wani asusu da kike zargi, kada ki bi jami'in kina tambayar me ya faru da shi don ki nuna kina da sha'awar aikin. Ba zai gaya miki ba, kuma tambayar za ta nuna masa ba ki fahimci aikin ba. Haka teburin Excel ɗin da na ce ki yi: a na'urar ofis zai zauna, da lambar fayil maimakon sunan mutum in zai yiwu. Kada ya bi ta WhatsApp ko imel ɗinki na gida. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, kuma bankuna suna korar mutum a kan wannan ko da niyyarsa mai kyau ce.

Kwantiragi_Shida
Don Allah ku taɓa namu. Ni ta kamfanin ɗaukar ma'aikata na shigo, ina kanta, katina ma launinsa daban. Tallan gurbin cikin gida ko buɗe mini ba ya yi a na'ura. Duk wannan dabara tana da amfani gare ni kuwa?

Maman_Ilham
Ƙanena, hanyarka mataki biyu ce, ba ɗaya ba. A takarda kai ma'aikacin wancan kamfanin ne, don haka dokar sauyin sashe ba ta hau kanka ba. Sai ka fara zama na dindindin, ta jarrabawar mayarwa in bankinku yana yi, ko ta ɗaukar sababbi. A nan abin da ke tare mutane shi ne iyakar shekarun haihuwa da matakin digiri, kuma sanin mutane ba ya ɗage waɗannan. Inda hulɗar za ta yi maka aiki shi ne a wurin da ake neman manaja ko shugaban ayyuka ya miƙa sunayen da za su zauna jarrabawar. Don haka kai mutanen reshenka ne farko, ba na wani sashe ba. Ka tambayi iyakar shekarun yau, kada ka bari sai ta wuce ka.

Kwantiragi_Shida
Saura shekara ɗaya ta wuce ni in dai yadda ake faɗa ne. Na gode Hajiya.

Malam_Lissafi
Ni ina ganin duk an zagaye abu mafi sauƙi. Ta yi takardar ƙwarewa. In tana da ACAMS ko ICAN, su za su neme ta.

Baba_Odita
Malam, takarda tana taimakawa amma ba ta kira. ICAN ta akanta ce, ta fi amfani ga mai son odit ko sashen kuɗi. ACAMS ita ce ta wannan fanni kai tsaye, sai dai da dala ake biya, kuma ga mai albashin teburin kwastoma nauyi ne. Akwai na cikin gida da suka fi sauƙi, har da jarrabawar CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, da bankuna da yawa ke mayar wa ma'aikaci kuɗinta in ya ci. Amma kafin ta kashe ko sisi, ta tambayi jami'in nan: mutum ukun ƙarshe da kuka ɗauka, wace takarda suke da ita lokacin da suka shigo? Wani lokaci amsar ita ce babu, bayan sun shigo sashen ya biya musu. Kuma tambaya ce mai kyau ta buɗe hira, domin mutane suna son a tambaye su abin da suka sani.

Malam_Lissafi
Na yarda da tambayar. Amma in mutum biyu suka yi kunnen doki a intabiyu, mai takarda za a ɗauka. Wannan ba na janye shi.

'YarKatsina
Akwai abin da maza a nan ba za su gani ba. Shawarar da ake ba mutane ta “ku fita cin abinci tare”, “ku tsaya hira bayan tashi”, ba kowace mace ce za ta iya ba, balle matar aure a garuruwanmu. Sau biyu aka gan ki a motar jami'i magana ta tashi. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a nemi minti goma sha biyar zuwa ashirin a cikin lokacin aiki, ta Teams ko a ofis ƙofa a buɗe ranar da ya zo duba reshe, kuma a rubuta dalilin a cikin gayyatar. A je da tambaya uku a rubuce, kada a wuce lokacin da aka nema. Misali: wane aiki ne ya fi cin lokacin sabon shiga a watanninsa na farko? Wane kuskure ne mutanen reshe suka fi yi in sun dawo sashen? Wa kuma ya kamata in ji ta bakinsa? Ta ukun ce ke buɗe ƙofa ta gaba, domin saƙon da ya fara da “wane ne ya ce in tuntuɓe ki” ana amsa shi, wanda ya zo haka kawai kuwa yana nutsewa.

Kuma Bintu ki nemi mace a sashen, ko a Legas take. Ita za ta gaya miki abin da namiji ba zai tuna ba, kamar yawan tafiye-tafiyen zagaya rassa da yadda ake yi da mai goyo.

BintunGwale
Yaya, wannan ya yi mini. To a zaman farkon in faɗa masa kai tsaye ina son gurbi a wajensu?

'YarKatsina
Ki faɗi cewa fannin kike so ki dosa, kada ki nemi gurbi. In kin nemi gurbi kin ɗora masa abin da ba ya hannunsa, sai ya fara guje wa kiranki. In kin ce fannin kike so, kin ba shi labarin da zai tuna ranar da aka tambaye shi.

Baba_Odita
Haka ne. Sai in ƙara matakin da ke tsakanin hira da gurbi, wanda shi ne ainihin gwaji. Sashe ba ya son ɗaukar wanda bai taɓa ganin aikinsa ba, don haka ki nemi ƙaramin aikinsu da za ki yi kina kujerarki. Irin su suna da yawa. Bankuna da dama suna naɗa wakilin bin ƙa'ida a kowane reshe, aikin da ba a biya kuma kowa ke gudu. Akwai aikin sabunta bayanan tsofaffin asusu, irin wanda ya taso bayan umarnin CBN na Disamba 2023 cewa a haɗa asusu da BVN ko NIN, inda ake aron mutane daga rassa na 'yan makonni. Akwai gwajin sabuwar manhajar buɗe asusu kafin a sake ta, inda ake neman wanda ya san tebur. Akwai kuma gabatar da bitar safe a reshe. Ɗauki minti goma ki yi wa abokan aiki bayanin rahoton kuɗin da ya haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani, wanda doka ta ce a kai cikin kwana bakwai, da yadda ake gane mai raba kuɗi ƙanana-ƙanana don ya kauce wa iyakar. Ki nemi jami'in ya duba abin da kika shirya kafin ki gabatar. Ya ga rubutunki, ya ga fahimtarki.

Amma guda ɗaya za ki ɗauka, kada ya wuce awa biyu zuwa uku a mako, kuma da izinin shugabanki a rubuce. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su rungumi aikin wani sashe har nasu ya fara zuba. Koke biyu na kwastoma a kan teburinki sun isa su sauke makin da Maman Ilham ta ce na'ura na dubawa.

Talba_Zazzau
Afuwan, na fahimta yanzu. To amma yaya mutum zai gane ana ci gaba ne ko wahalar banza yake yi wa wani sashe kyauta?

Baba_Odita
Tambaya mai kyau, Malam Talba. Alamar ita ce wa ke fara tuntuɓa. A watannin farko ita ce ke aikawa. In abin yana tafiya, wajen wata na huɗu zuwa na shida sai ya juya: shi zai kira ya ce yaya kuke yin kaza a tebur, ko ya tura wa wani reshe tsarinta da sunanta a kai, ko ya gaya mata akwai gurbin da za a tallata. In kuwa an shafe wata shida ana karɓar aikinta, ba a taɓa haɗa ta da mutum na biyu a sashen ba, kuma rahoton yana hawa sama babu sunanta, to ta samu mai amfani da ita ne. Ba faɗa za ta yi ba. Ta rage, ta nemi wata ƙofar, kamar masu kula da tsarin cikin gida ko masu binciken zamba, waɗanda su ma aikinsu ke ratsa teburinta.

Ɗan_Kanta
Duk na ji. Amma ku gaya mata kuɗin. Sauyin gefe ne, matakin albashinta ba zai motsa ba. Wani alawus na reshe ma zai iya faɗuwa. In kuma gurbin a Legas yake, kuɗin haya kaɗai ya cinye ribar. Kuma a wasu wuraren agogon ƙarin girma sabo ake kunna maka, ka bar layin da ka kusa kaiwa gaba ka koma bayan wani.

Maman_Ilham
A nan kam ban da ja. Waɗannan tambayoyin ofishinmu ake yi wa, ba sashen da ke ɗauka ba, kuma a yi su kafin a karɓi takarda: matakina zai canza? Wane alawus zai tsaya, wane zai tafi? Ana biyan kuɗin ƙaura in ni na nemi sauyin? Domin a wurare da yawa in kai ka nema ba a biya, sai in banki ne ya tura ka. Shekarun da na yi a wannan matakin za a ƙirga su a zagayen ƙarin girma mai zuwa? A nemi amsar a imel. Abin da ke sa mutane su karɓa duk da haka shi ne babu taget ɗin ajiya, kuma ƙwarewar tana da kasuwa a wajen banki, a kamfanonin biyan kuɗi da inshora da fansho. Ko hakan ya kai a jinkirta ƙarin girma da shekara guda, kowa da lissafin gidansa.

BintunGwale
Na buɗe littafin namu yanzu. Wata 24 ne, na cika. Amma fam ɗin yana son sa hannun manaja tun wajen nema, kuma zaman makin tsakiyar shekara saura mako uku. Jerin wannan watan fayil 41 ne, ban ware su ba tukuna. In faɗa a zaman nan, ko in bari sai na samu sakamakon wata biyu in nuna?

Maman_Ilham
Ki faɗa a zaman nan. In ya wuce sai bayan wata shida, kuma gurbi na iya fitowa a tsakani, ki je neman sa hannu a kan abin da bai taɓa ji ba.

Baba_Odita
Ni da za ta bi tawa, ta ware fayil 41 ɗin a makon nan ta shiga zaman da teburin Excel ɗin a hannu, a matsayin abin da za ta gyara wa reshe. Batun sauyin kuma ta rubuta shi a gurbin buri, layi ɗaya, kada ta buɗe shi da baki sai in shi ya tambaya. Sakamako tukuna.

Maman_Ilham
Baba, layin da aka rubuta ba a furta ba, manaja zai karanta shi bayan ta fita, shi kaɗai, ya fassara yadda ya ga dama. Gara ta faɗa da bakinta ta ga fuskarsa.

Sitokifa_Bompai
Ya danganta da manajan. Malama Bintu, a cikin shekara biyun nan akwai wanda ya bar reshenku zuwa wani sashe a hannunsa? In akwai, kira shi ki tambaye shi wata nawa aka yi tsakanin zaɓensa da sakinsa.

BintunGwale
Akwai mutum ɗaya, ya koma sashen katin ATM bara. Zan neme shi gobe bayan an rufe kanta.